Ajwa katan biyu: talla ce ko kyauta?

Maman Hanan (Makka): Raina a ɓace yake. Wani mai shagon dabino a Misfala ya aiko min ajwa katan biyu kyauta, na nuna a bidiyon tsarabar alhazai, a ƙarshe na ce "muna godiya bisa karamci". Wai wata ta ce na ɓoye talla. Ko riyal ɗaya ban karɓa ba! Me zan ce kuma?

Baban Walid (Jidda): Hajiya, "karamci" bai gaya wa kowa komai ba, kuma a ƙarshe rabin masu kallo sun tafi. Inda dabinon ya fara fitowa, kafin ki yabe shi, ki ce: "Wannan ajwar ba saye na yi ba, mai shagon ne ya aiko min katan biyu don in nuna muku, talla ce. Bari mu buɗe." Daƙiƙa biyar ce, hannunki na kan kwalin, zance bai katse ba. In ta bushe ko ta yi tsada, ki faɗa.

Ummi Takari: Kyauta fa ta ce. Yaushe kyauta ta zama talla?

Baban Walid: Da ba ta da mabiya, zai aiko?

Ummi Takari: To zamzam ɗin da na ba maƙwabciyata ma in yi sanarwa ke nan.

Malam na Madina: Wannan ba kyauta ba ce, ladan aiki ne, tunda akwai sharaɗi.

Maman Hanan: Malam, bai gindaya min sharaɗi ba, cewa kawai ya yi "ki tuna da mu".

Ɗan Sharafiyya: Ku bar wahala. Ki taɓa akwatin nan na YouTube, "Includes paid promotion" ya fito, shi ke nan.

Baban Walid: Ta taɓa, amma Hajiyar da ke kallo daga Funtuwa ba lallai ta karanta ba, kuma in an yanko bidiyon an tura WhatsApp rubutun ba ya binsa. A faɗa da baki. Sannan a nan Saudiyya tun 2022 mai talla a kafafen sada zumunta sai da lasisin Mausuƙ, riyal 15,000 na shekara uku.

Ummi Takari: Ka ji! Ta furta "talla" da bakinta ta jawo wa kanta? Ku mutanen Jidda kun iya tura mutum rami.

Baban Walid: Yin shiru ba ya mayar da ita kyauta, Anti.

Ɗan Sharafiyya: Jidda ta yi miki me? A ina kike sauka in kin dawo daga Kano?

Ummi Takari: A taƙaice dai, kowa ya yarda kyauta ce, sai masu hassada. Maman Hanan, ki bar karamcinki yadda yake.

Malam na Madina: Ni ban yarda ba.