Bahon roba ya tsage a gindi: a liƙe ko a sake wani?

Maman Hafsat: Assalamu alaikum. Bahon da nake wanki da shi ya tsage a gindi, tsawon tsagar bai wuce ɗan yatsa ba. Sau biyu ina zuba masa sufa gulu, kuma duk lokacin da na cika shi da ruwa sai gam ɗin ya ɓamɓare kamar ɓawon ƙwai. Wa ya taɓa gyara irin wannan ya ɗore?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki gwada gam ɗin da masu aikin famfo suke haɗa bututu da shi, domin na ga yana riƙe roba gam-gam.

Kawu mai liƙi: Malam, gam ɗin yana da ƙarfi, amma yana kama bututu ne saboda yana narkar da fatar robar bututun, ita kuwa robar baho ba ya taɓa ta. Hajiya, ki kifa bahon ki duba gindinsa. Idan kin ga lamba 5 ko 2 a cikin ɗan alwatika, to roba ce mai santsi kamar kakin zuma, wadda gam na yau da kullum ba ya kamawa, sai dai wuta. Ni nakan fara ɗumama ƙusa in huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, in wanke wurin ya bushe sarai, sannan in bi tsagar da wuƙa mai zafi ina narka ɗan yankin wata roba a ciki, ta ciki da ta waje. Sharaɗin shi ne yankin ya zama mai lamba ɗaya da bahon, domin mai 5 da mai 2 ba sa haɗewa da kyau. Idan hayaƙi ya tashi ko wurin ya yi baƙi, an ƙona robar ke nan, kuma a yi aikin a waje saboda warin.

Yaya Babba: Ni haka aka yi wa bokitina, Kawu, amma bai yi mako ba ya sake fashewa kusa da mariƙi, ruwan ya zube mini a ƙafa.

Kawu mai liƙi: Naki a kunne ya tsage, wurin da yake ɗaukar nauyi duka, kuma lita 20 ta ruwa kilo 20 ce, ba na liƙin wannan wurin. Haka kuma robar da rana ta cinye, wadda launinta ya kode, take barin farin gari a yatsa in an shafa, ko an liƙe nan sai can ya buɗe.

Maman Hafsat: Na duba, lamba 5 ce, kuma tsagar tana tsakiyar gindi. Sai dai launin ya kode a gefe ɗaya kawai, ɓangaren da rana take duka, ɗaya gefen kuwa yana lanƙwasuwa lafiya. Kawu, wannan a wane ɓangare ya faɗa?