Fuska ta yi duhu, taga a baya: yaya kuke gyarawa kafin ku tura?

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya na ɗauki hoton mahaifiyata riƙe da jikanyarta, suna zaune a bakin taga, na kuma ɗauki ɗan bidiyo. A ido komai ras, amma da na buɗe hoton sai na ga tagar ta yi fari fat, fuskokinsu kuma sun yi duhu kamar inuwa. Na shiga Edit na ja Brightness har ƙarshe. Fuskar ta ɗan fito, amma hoton ya koma kamar an watsa masa toka, labulen ma ya ɓace gaba ɗaya. Haka na tura wa ƙanena, ya ce wai da wace tsohuwar waya na ɗauka. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi, da kayan gyaran da ke cikin wayar kawai, ba na son sauke wata manhaja.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Anti. Ai abu ne mai sauƙi, ki jawo saman sikirin ƙasa, ki ƙara hasken wayar har ƙarshe. Ni duk hoton da ya yi mini duhu haka nake yi, nan take ya fito.

Baban Yara: Ɗan Auta, wannan hasken naka a wayarka kaɗai yake tsayawa, ba ya bin hoton zuwa wajen wanda aka tura wa. Amma ka tuna mini da abin da ya taɓa faruwa da ni. Na zauna cikin dare ina gyara hotuna, sikirin a ƙure da haske, ɗaki kuma da duhu. Duk hoton da na kalla sai in ga ya yi haske da yawa, sai in rage. Da gari ya waye na duba su a waje, wallahi duk sun yi baƙi, ga shi na riga na tura. Tun daga ranar, kafin in taɓa hoto sai na mai da hasken sikirin tsakiya, na kuma kashe wannan abin da ke sa sikirin ya yi ruwan ɗorawa da dare, don shi ma yana ruɗin ido wajen launi.

Malam Mai Hoto: Maman Ikram, abin da ya same ki ba laifin wayar ba ne. Kyamara ta auna hasken tagar ne, ta rage wanda take ɗauka, sai fuska ta faɗa duhu. Shi kuma Brightness idan aka ja shi da yawa kusan duka hoton yake ɗagawa, har da wuraren da ya kamata su zauna baƙi. Tokar da kika gani ke nan: babu sauran baƙi na gaskiya a hoton.

Ga yadda nake bi. Da farko ki koma ainihin hoton. A iPhone da Samsung akwai Revert, yana cire duk gyaran da aka yi. Sannan ki fara da yanka, wato Crop, kafin ki taɓa haske. Ki cire yawancin tagar, ki bar fuskoki da ɗan fili a saman kai. Dalilina shi ne, da zarar farin nan ya bar gaban idonki, za ki fi iya gane ko fuskar ta yi daidai.

Daga nan ki shiga Adjust ki nemi Shadows. Shi wuraren duhu yake ɗagawa, ba ya damun masu haske sosai. A irin hoton da kika kwatanta nakan kai shi wajen 40, in mai da Highlights baya zuwa kamar -30 don abin da ya rage na taga ya lafa, sannan in ɗan taɓa Brightness, bai wuce 10 ba. Idan har yanzu da alamar toka, sai a ƙara Contrast ko Black Point kaɗan. Waɗannan lambobin mafari ne kawai, idonki ne alƙali. Yadda ake gane an wuce gona da iri kuwa, ki buɗa hoton da yatsu biyu ki kalli kumatu da wuya. Idan kika ga tsaki-tsaki kamar yashi, wasu ja wasu kore, to kin ja Shadows fiye da abin da hoton zai iya ɗauka, ki dawo baya.

Maman Ikram: Na gwada yanzu Malam, Allah ya saka da alheri. Fuskar Mama ta fito har ana ganin murmushinta. A 40 na ga yashin da ka ce a wuyan jaririyar, sai na tsaya a 30. Amma labulen bai dawo ba, ko da na kai Highlights ƙarshe sai wurin ya zama toka-toka kawai, babu zanen da ke jikinsa.

Malam Mai Hoto: Shi kam ba zai dawo ba, Hajiya. Inda haske ya ƙure lokacin ɗauka, kyamara ba ta ajiye komai a wurin ba sai fari zalla, don haka babu abin da za a tono. Duhu yakan ɓoye abu a fito da shi, farin da ya ƙone kuwa ya tafi. Ki mai da Highlights inda yake, farin taga ya fi tokar kyan gani. Gaba idan za ki ɗauka, ki sa su fuskanci tagar, ke ki ba ta baya.

Abu Safwan: Ni shawarata a yi ta yanka ba tsoro. Wayoyin yanzu megafiksel ɗinsu ya yi yawa, yanka ba ya rage ingancin hoto ko kaɗan. Ni ko mutum yana can nesa nakan yanko fuskarsa kawai in tura.

Malam Mai Hoto: Abu Safwan, da gaskiyarka har wani wuri. Hoto mai megafiksel 12 yawanci fiksel 4032 ne a faɗi, 3024 a tsayi. Ka yanke rabin faɗi da rabin tsayi, saura 2016 da 1512, wato kashi ɗaya cikin huɗu na hoton, kusan megafiksel 3. Wannan ya wadatar, tunda sikirin ɗin wayoyi da yawa faɗinsa fiksel 1080 ne. Amma ka sake yanke rabin wancan, ka koma 1008 da 756, ka faɗo ƙasa da faɗin sikirin, dole waya ta miƙe hoton, sai ya yi dishi-dishi. Kuma idan hoton da ma mai duhu ne da aka ɗaga, yashin nan girma yake yi tare da fuskar.

A bidiyo abin ya fi tsanani. Wanda aka ɗauka a kwance, 1920 da 1080, idan ka yanka shi ya tsaya a tsaye irin 9:16, faɗin da zai rage maka wajen fiksel 608 ne kacal. Mutum biyu da ke zaune gefe da gefe ma da wuya su shiga.

Abu Safwan: To ni dai ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba. Wanda zai kalla a waya na sakan biyu ina ruwansa da fiksel?

Yaya Babba: Tunda an zo kan bidiyo bari in ba da nawa labarin. Ɗana ya fara tafiya, na ɗauka na minti 2 da sakan 40, amma tafiyar kanta ba ta wuce sakan 25 ba, sauran duk lallashi ne da faɗuwa. Na ja kibiyoyin nan biyu na gefe na datse farko da ƙarshe. Kuskuren da na yi shi ne na datse daidai kan takun farko, sai bidiyon ya fara kamar an jefo yaron tsakiyar ɗaki, ƙarshen kuma ya yanke dariyar babansa a rabi. Yanzu nakan bar sakan ɗaya kafin abin ya fara, da ɗaya bayan ya ƙare, kuma sai na kunna da sauti na saurara kafin in adana, don ido ba ya ganin inda magana ta katse. Abin da ya ba ni haushi kuma, akwai wani wuri a tsakiya da nake son cirewa, kibiyoyin kuwa daga baki biyu kawai suke ci. Sai da na yi guntu biyu na tura su daban-daban.

Maman Ikram: Yaya, idan na datse, sauran ya tafi ke nan? Tsoron da ya hana ni taɓa bidiyon Mama ke nan.

Malam Mai Hoto: Ki duba abin da wayar ta tambaye ki lokacin adanawa. iPhone yana ba da zaɓi biyu, Save Video da Save Video as New Clip. Na biyun yana barin na asali yadda yake, ya yi miki sabon guntu daban. A Samsung da Google Photos ki nemi Save copy. Ni kullum kwafi nake yi, in tura kwafin, in bar na asali. Datsewar tana kuma rage nauyi sosai: a lissafin da iPhone ke nunawa a saitin kyamara, 1080p mai hoto 30 a sakan yana cin wajen megabait 60 a minti, ke nan na Yaya Babba zai sauko daga wajen 160 zuwa 25. Shadows da Highlights ɗin nan kuma suna aiki a kan bidiyo a iPhone tun iOS 13 da ya fito a 2019, sai dai ki sassauta hannu fiye da na hoto, don a bidiyo yashin motsi yake yi, ido ya fi kama shi.

Ummu Hani: Ni matsalata daban ce, amma ta shafi ƙara haske. Na ɗauki hoton wata takarda, na shafe lambar da ke jiki da baƙin alƙalamin da ke cikin kayan gyara, na tura. Ƙawata ta ƙara haske a wajenta don ta karanta sauran rubutun, sai ga lambar ta bayyana tar. Ashe alƙalamin da na ɗauka irin na yi wa rubutu alama ne, shara-shara yake. Yanzu yanke wurin nake yi gaba ɗaya, idan a tsakiya yake in ɗora masa cikakken baƙin akwati, sannan in ƙure haske da kaina in gani kafin in tura.

Baban Yara: Malam, ni tambayata a kan Auto ce, maɓallin nan da ke gyara hoto da kansa. A wasu hotunan yana yi mini kyau fiye da hannuna, a wasu kuma sai ya sa fatar mutum ta yi ja. Ni dai na lura idan na yanka tukuna sannan na danna shi, sakamakon ya fi.

Yaya Babba: Ni kuma na gwada duka biyun a hoto ɗaya, kafin yanka da bayan yanka, ban ga bambanci ba. Wataƙila wayoyinmu ne ba iri ɗaya ba.

Maman Ikram: Na yi kwafin bidiyon, na datse shi zuwa sakan 18, Shadows a 20. A galari ya yi kyau, amma da na tura sai wuraren duhun suka yi dabbare-dabbare. Zan sake turawa da HD, idan bai yi ba in tura shi a matsayin Document in ga ko zai isa yadda yake. Ƙanen nawa dai ya ce hoton farko ma ya fi masa, wai a wannan sabon Mama ta yi fari da yawa.