Na mayar da kare ja-ja baƙi, ya koma kamar an shafa masa kwalta

Mai fosta: Jama'a a taimaka. Wani kwastoma mai sayar da abincin karnuka ya ba ni hoton karensa ja-ja mai haske, wai a mayar da shi baƙi da ja a ƙafafu da baki kamar Rottweiler don fosta. Na zagaye karen a Photoshop na sa Hue/Saturation na ja Lightness ƙasa, sai gashin duk ya ɓace, ya zama toka-toka shafal ba sili ko ɗaya. Wa ya taɓa yin irin wannan?

Ɗan kafe: Ni ma ta taɓa ci na. Lightness ɗin nan shi ne matsalar, haske da duhu yake dannewa tare. Ka buɗe sabuwar leya ka shafa baƙi ka sa ta a Multiply, sai ka shiga Blend If ka riƙe Alt ka raba farin maɓallin Underlying Layer gida biyu, hasken gashin zai leƙo, shikenan.

Baban yara: Don Allah kar ku shafa wa dabba rinin gashi na mutane, yana ƙona musu fata kuma suna lasa.

Mai fosta: A'a Baba, a hoto ne kawai, karen na gidansu lafiya lau.

Mai studiyo: Maganar Ɗan kafe kan Lightness gaskiya ce, amma Blend If a karen da jikinsa duk haske ne zai ba ka wahala, don kusan duk gashin yana ɓangaren hasken da ka ce a bari, sai ka ga fari-fari ya fito faci-faci. Abin da ido yake gani a matsayin gashi bambancin haske ne tsakanin sili da ɗan inuwar da ke kusa da shi, kala ba ruwanta, to aikinka shi ne ka sauke hasken ƙasa ba tare da ka kashe wannan bambancin ba.

Ni ga yadda na yi wa wani irinsa. Na fara da Select and Mask, na bi gefen kunne da wutsiya da Refine Edge Brush, na cire ido da hanci da harshe daga zaɓin. Sannan na sauke Saturation kusan ƙarshe don jan ya fita, Lightness ban taɓa ba. Sai Curves: na ja tsakiyar layin ƙasa sosai amma na bar sama ta miƙe, ina duba Info, yawancin gashin ya zauna wajen 20 zuwa 40, inda rana ta bugi baya da goshi ya kai 100 ko fiye. In ka ga 0 a jikin karen to ka wuce gona da iri, baƙin kare na gaske yana sheƙi ne. Daga ƙarshe na kwafi hoton asali na cire masa kala, High Pass wajen 2 px, na sa a Overlay a can sama da Layer Mask ɗin karen, nan take silin gashi suka dawo. A babban hoto ka ɗan ƙara lambar.

Mai fosta: Kai ya fito wallahi! Amma akwai wani farin zare da ya zagaye shi ta gefe, kuma inda baƙi ya haɗu da ja a ƙafa ya yanke kamar da reza.

Mai studiyo: Zaren tsohuwar kalar ce da ta rage. Sabuwar leya a Darken, ɗauki duhu daga jikin karen ka bi gefen a hankali, Flow kamar 10%. Mahaɗar kuma a kan Layer Mask za ka gyara, ƙaramin buroshi 2 ko 3 px, gajerun ja bi da kwanciyar gashi, baƙi ya kutsa cikin ja, ja ya kutsa cikin baƙi. Kar ka yi mata Blur, sai ta koma kamar fentin feshi. Wannan wajen ya fi cin lokaci, ni sai da na yi fiye da rabin awa a ƙafafu kawai.

Hajiyar kyanwoyi: Ni akasin haka na so, baƙin karen ƙanina zuwa fari, hoton an turo ta WhatsApp, da na ɗaga haske sai ɗigo-ɗigo kore da ja da 'yan murabba'ai, na haƙura.

Mai studiyo: Hajiya ba laifinki ba ne, WhatsApp ya matse hoton, a cikin duhun ba abin da ya rage da za a ɗago. Ki ce a turo asalin a matsayin Document, in akwai RAW ya fi. Ko da haka baƙi zuwa fari tas ban taɓa samun wanda ya gamsar da ni ba, ruwan toka dai yana yiwuwa.

Ɗan kafe: Ni fa har yanzu ina ganin Multiply ya fi sauri in karen ba fari ba ne sosai. Akwai wanda ya gwada High Pass ɗin nan a Photopea ta waya? Tawa maƙalewa take.