Ina neman shawara: me zan rubuta a ƙarƙashin insha'in ɗalibi wanda zai amfane shi?

Malamar Hausa a ƙaramar sakandare:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Shekara shida na yi ina koyarwa a firamare kafin a mayar da ni sakandare, kuma da farko an ce Nazarin Addinin Musulunci zan ɗauka, sai da zangon karatu ya yi nisa aka miƙa mini Hausa saboda malamin ya yi ritaya. Yanzu ina da azuzuwa uku, kowanne da ɗalibai kusan 70. Makon jiya mataimakin shugaban makaranta ya duba littattafan insha'i, ya ce sharhina ba ya koyar da komai, domin abin da nake rubutawa bai wuce "Da kyau", "Ka ƙara ƙoƙari" ko "Ki gyara rubutunki" ba, alhali kuwa ina zagaye kowane kuskure da jan biro har tsakar dare. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Don Allah me ya kamata in rubuta wa mai rauni, da matsakaici, da mai ƙwazo?

Tsohon malami mai ritaya:

Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki faɗa mana ajin da yaran suke ba, ba ki kuma faɗi irin insha'in ba, ko na labari ne, ko na siffantawa, ko na muhawara, ko wasiƙa. Ki kwafo mana rubutun yaro ɗaya yadda yake da kurakuransa, ba tare da sunansa ba, domin sharhi mai amfani daga cikin rubutun yake fitowa.

Malamar Hausa a ƙaramar sakandare:

Baba, 'yan aji biyu ne, kuma taken shi ne "Ranar kasuwar garinmu". Ga abin da wata yarinya ta rubuta gaba ɗaya: "Ranar kasuwa mutane sunazuwa daga kauye da yawa akwai dabbobi akwai hatsi akwai kaya masu kyau kasuwar mu tana da kyau sosai kowa ya na farin ciki mu na saye mu na sayarwa sai yamma kowa ya tafi gida." Na zagaye wurare bakwai, na ba ta maki 3 cikin 10, na rubuta "Ki ƙara ƙoƙari".

Tsohon malami mai ritaya:

To, 'yata, ki sa kanki a matsayin wannan yarinya idan ta buɗe littafinta. Ta ga da'ira bakwai, amma babu wadda ta gaya mata abin da ya lalace, kuma da'irar da ke kan "sunazuwa" tana nufin ta raba, wadda ke kan "ya na" tana nufin ta haɗa, ga su kuma iri ɗaya a idonta. Kalmar "ƙoƙari" ba ta nuna mata inda za ta ɗora biro gobe ba. Gwajin da nake yi wa kowane sharhi shi ne in tambayi kaina ko zan iya ɗauke shi in manna a littafin wani yaro dabam ya dace. Idan ya dace, to bai faɗi komai ba game da wannan rubutu.

Babbar matsalar yarinyar nan ita ce ba ta san inda jimla take ƙarewa ba, saboda haka da wannan zan fara in bar sauran. Ga abin da zan rubuta mata: "Kin bi ranar kasuwa daga zuwan mutane har komawarsu gida da yamma, wannan tsari ne mai kyau. Amma babu aya ko ɗaya a rubutunki. Na sa miki ta farko bayan 'da yawa'. Ki karanta sauran a bayyane, duk inda magana ta cika ki sa aya, ki fara ta gaba da babban baƙi. Akwai aƙalla wurare uku." Kin ga akwai abin da ta yi daidai da aka kira da sunansa, akwai gyara guda da aka nuna mata misalinsa a cikin nata rubutun, sannan akwai aikin da za ta gama cikin minti biyar, wanda ke ma za ki gane ko ta yi shi da kallo ɗaya.

Yaro matsakaici yakan iya aya da sakin layi, sai dai maganarsa ba ta da nama, komai "mai kyau" ne ko "da yawa". Shi kuma sai a rubuta masa: "Sakin layinka na biyu ya tsaya a kan dabbobi kawai bai gauraya da wani abu ba, madalla. Amma ka ce 'akwai dabbobi da yawa' ka wuce. Waɗanne dabbobi ka gani, kuma me dillali yake faɗa wa mai saye? Ka ƙara jimla biyu a inda na sa tauraro." Tambaya ta fi umarni aiki a wannan mataki, domin yaron ya san amsar, bai dai san cewa ana son ta a takarda ba.

Mai ƙwazo shi muka fi zalunta, domin muna ba shi "Da kyau" mu sallame shi. Irin nasa sharhin shi ne: "Yadda ka buɗe da ƙurar motocin ƙauye da asuba ya sa na ga kasuwar da idona. Sai dai jimloli biyar a jere sun fara da 'sai', har labarin ya koma lissafi. Ka sake rubuta sakin layi na uku, ka haɗa biyu daga cikinsu da 'bayan da' ko 'yayin da'. Kammalawarka kuma ta maimaita gabatarwa ne kawai, ka gwada rufewa da abu na ƙarshe da ka gani kafin ka bar kasuwar."

Malamin babbar sakandare:

Ina girmama Baba, amma ban yarda a bar kuskuren ƙa'idojin rubutu ba a taɓa ba. Ni nake karɓar yaran nan idan sun zo babbar sakandare, kuma ina ganin 'yan aji uku da za su zauna WAEC da NECO suna rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", da "baki" a wurin "baƙi", wanda ma'ana ce take sauyawa gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan yarinyar ta ga ba a zagaye "kauye" ba, za ta ɗauka daidai ne. Shawarata ita ce Malama ta gyara kowane kuskure da hannunta, ta rubuta daidai a samansa, yarinyar ta kwafe sau uku.

Tsohon malami mai ritaya:

Malam, gaskiyarka a kan lanƙwasa, amma idan malama ce ta rubuta daidai, to ita ta yi tunanin, yarinya kwafa kawai ta yi. Kuskuren "ya na" da "mu na" kuwa na rantse rabin ajin ne ke yin sa, saboda haka ba aikin sharhi ba ne, aikin allo ne. A ɗauki minti goma a nuna cewa yana, tana, muna, suna a haɗe suke, za su da za mu a rabe, kasuwarmu a haɗe. Bayan haka alama a gefen layi ta isa, "H" don haɗawa, "R" don rabawa, "L" don lanƙwasa, yaro ya nemo kalmar da kansa a cikin layin. Ban ce a bar su har abada ba, na ce kada a zuba su duka a rana ɗaya.

Wata uwa:

Ni ba malama ba ce, amma wannan magana ta taɓa ni. Ɗana ya dawo da littafi an rubuta masa "Wannan shirme ne" da manyan baƙaƙe, kuma ya kwana biyu yana rubuta labarin rasuwar kakarsa. Tun daga ranar idan aka ba su insha'i layi huɗu yake yi ya ajiye. Na je makarantar sau biyu ban samu ganin malamin ba. Ina roƙon malamai su riƙa tuna cewa mu ma muna karanta abin da suke rubutawa.

Wani malamin firamare:

Idan matsalar rabon maki ce, Malama, ki kasa goman gida huɗu, ki ba ƙunshiya 3, tsari 2, salon magana 3, ƙa'idojin rubutu 2, sai ki rubuta kowanne a gefe. Haka nake yi, kuma babu mai zuwa ya ce na rage masa maki.

Malama daga yankin Sakkwato:

Akwai abin da ba a ambata ba. Ɗalibaina suna rubuta "shina tahiya" da "hwari", kuma malamin da na gada yana zagaye su a matsayin kuskure, har yara suka fara jin cewa Hausar iyayensu ce ba daidai ba. Abin da nake rubutawa shi ne: "'Shina tahiya' Hausar gida ce kuma daidai take a baki. A insha'i da jarrabawa ana amfani da Daidaitacciyar Hausa, wato 'yana tafiya'. Ka nemo wasu guda biyu irinta a shafin nan ka mayar." Idan kuma a cikin maganar wani tsoho a labari yaron ya sa ta, nakan bar ta, har in yaba masa.

Malamar Hausa a ƙaramar sakandare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai Baba, ina ganin ba a duba halin da nake ciki ba. Littafi 210 gare ni, kuma irin sharhin da ka rubuta ba zai kasa minti uku ba, wato awa goma da rabi ke nan a kan insha'i ɗaya, ga girki ga yara. Sannan zagaye kurakurai ba don lalaci nake yi ba, shi ne shaidar da mai duba aiki yake gani cewa na karanta. Idan na bar shafi babu ja, za a ce ban duba ba. Ita kuma yarinyar da na kawo misalinta, ban tabbata za ta iya karanta sharhi mai jimla biyar ba.

Tsohon malami mai ritaya:

Wannan na ƙarshe hujja ce, kuma na karɓa. Ki rage mata shi zuwa: "Tsarinki ya yi kyau. Na sa aya ɗaya. Ki sa uku." Sauran ki faɗa mata da baki a bakin teburinta. Game da lokaci kuwa, ba kowane littafi ne zai samu cikakken sharhi a kowane karo ba. Ki ba aji ɗaya cikakke a wannan insha'i, awa uku da rabi ke nan, sauran biyun su samu alamomin gefe da gyaran allo, a karo na gaba ki juya. Abin da ba zan sassauta ba shi ne minti goma na farkon darasin da za ki mayar da littattafai, kowa ya yi aikin da aka rubuta masa a nan take kina zagayawa. Idan babu wannan, ko shafi guda kika rubuta, maki kawai za su duba su rufe.

Malamin babbar sakandare:

Idan aka yi haka, yaro zai samu cikakken sharhi sau ɗaya ko biyu kacal a zango, kuma iyayen ajin da aka tsallake za su yi ƙorafi. Har yanzu ina kan bakana.

Malamar Hausa a ƙaramar sakandare:

Abin da nake tsoro ke nan, Malam. Zan gwada alamomin gefe da minti goman a aji ɗaya ranar Litinin, amma ba zan daina zagaye kurakurai ba sai na ji daga bakin mataimakin shugaba cewa ba zai ɗauke shi a matsayin sakaci ba. Akwai wanda ya taɓa kai irin wannan tsari gaban shugabanninsa aka amince?