Canza Corolla zuwa Highlander a hoto: in yi da hoton da nake da shi?

Mai hoto a Agege: Assalamu alaikum. Wani ango ya kawo mini hotonsa yana jingine da Corolla, an ɗauko ta daga gefen direba, yana so in mayar da ita Highlander saboda kalandar biki. Hoton Highlander ɗin da ya turo kuwa daga gaba aka ɗauka, kuma daga kan bene. In sa shi a Reference Image na Photoshop haka nan, ko in tafi kasuwar motoci ta Berger in ɗauko wani?

Ɗalibi a Yaba: Yallaɓai, ka koma manhajar Stable Diffusion ka kunna Canny, mai bin layukan jikin abu, a ControlNet, zai riƙe maka siffar motar daram.

Tsohon mai zane a Ikeja: Ƙanena, siffar da zai riƙe ta Corolla ce, sai a sami ƙaramar mota sanye da fitilun Highlander. Malam, ka tafi Berger. Ita manhajar Photoshop, launi da fasali take kwasowa daga hoto na biyu, gefen da ba ta gani ba kuwa ƙirƙirarsa take yi, shi ya sa ƙofofi da tagogi ke fitowa ba na kowace mota ba. Ka tsaya gefen direba, ka riƙe kyamara a tsayin da aka ɗauki na farko, rana tana bugowa ta ɓangare ɗaya, sannan ka goge duk abin da ke kewaye da motar a hoton. Wurin da za ka zaɓa a sauya kuma ya zarce rufin Corolla sosai, tunda Highlander ta fi ta tsayi, ya haɗa da inuwar ƙasa, amma ka tsame angon da gwiwar hannunsa.

Dillalin mota a Mile 12: Ni naira 15,000 na biya aka yi mini irin wannan don allon shagona. Yaron bai sami gefen da ya dace ba, sai ya juya hoton hagu zuwa dama. Bayan an buga an kafa, wani bakanike ya nuna mini sitiyari ya koma dama, rubutun lambar ma ya juye. Sati biyu ina binsa, bai mayar mini da ko kwabo ba.

Ɗalibi a Yaba: Alhaji, an tsawwala maka, 4,000 muke yi. Ka dai sami tokumbo daga Landan ba tare da kwastan ba.

Dillalin mota a Mile 12: Wanda bai taɓa buga allo ba ba shi zai faɗa mini farashi ba.

Mai hoto a Agege: Na gode, gobe zan je. Sai dai kafaɗarsa a kan rufin Corolla take, a Highlander kuwa gilashi za ta tarar, yaya zan yi da wannan?

Mai ɗab'i a Mushin: Kafin kafaɗa, ka duba girman hoton angon. Abin da ke damuna kullum shi ne mutum ya ɗauki hoton allon wayarsa ya turo, ya ce a buga masa kalanda, in ta fito dishi-dishi ya ce injina ne.