Reshe mun gane, ɗayan fa me za mu ce da shi?

Rabi: Salamu alaikum. Da ƙarfe 8 na dare zan shiga shirin kasuwanci a radiyo. Wani kampanin takalman roba na Kano zai buɗe a Maradi, yana shawara tsakanin sukursal da filiyal. Sukursal na sa "reshe". Filiyal fa? Ku taimaka, lokaci ya ƙure.

Sani: Duka reshe ne, Hajiya. Ƙanena yana da shago biyu, nan da Ɗan Isa, ba wanda ya tambaye shi wata takarda.

Maman Lawali: A'a Sani, shagon ƙanenka daban. A dokar Ohada, wato dokar kasuwanci da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi tare, reshe ba shi da kansa, shi da kampanin Kano abu guda ne. In reshen ya ci bashin miliyan 30 na sefa, mai bashi zai bi uwar har Kano. Filiyal kuwa kampanin Nijar ne mai jarinsa da rajistarsa, uwar tana riƙe da fiye da rabin jarin. In ya karye, bashi ya tsaya kan dukiyarsa, sai fa in uwar ta tsaya masa lamuni. Ni "ɗiyar kampani" zan ce.

Malam Ila: Kampani Hausa ce? Na daɗe ina faɗi: dashe. Reshe yana jikin itace, dashe yana da saiwarsa. Reshe da dashe, har kunne ya ji daɗi.

Maman Lawali: Malam, da daɗin ji, amma dashe bai nuna mai shi ba. Ana ba maƙwabci dashe ya zama nasa.

Malam Ila: Ɗiyar ma ana aurar da ita.

Hadiza: Gidajen radiyon Kano "ƙaramin kampani" na ji suna cewa.

Malam Ila: Sai Kano ta yanka mu ci? Mu Katsinawan Maradi wa ya koya muna Hausa? Kuma wata filiyal ta fi uwarta kuɗi, ina ƙanƙanta a nan?

Rabi: Don Allah Malam, a bar Kano, saura awa biyu. Baba Lawali, an ce reshe yana da wa'adi?

Maman Lawali: Ƙwarai, ɗiyata, kada ki manta da shi. Najeriya ba ta cikin Ohada, don haka reshen kampanin Kano shekara 2 gare shi, sannan dole a zuba shi cikin kampanin da aka kafa a ƙasar Ohada. Ministan kasuwanci na iya ƙara wasu 2, sau ɗaya tak.

Sani: To reshen ma ƙarshenta dashe zai koma.

Malam Ila: Kun ji ko! Da bakinsa ya faɗa.

Rabi: Zan ce "ɗiyar kampani mai cin gashin kanta" da farko, daga nan "ɗiya" kawai. Dashe zan kawo shi a misali.

Malam Ila: A misali kawai? To. Zan dai kunna radiyon.