BFS ya gano launi ya ci karo, amma zagayen da yake bani yana maimaita ɗigo

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina gwada ko giraf zai rabu gida biyu ta hanyar shafa launi biyu, na fara BFS daga ɗigo 0, kowane maƙwabci ina ba shi kishiyar launin wanda ya kawo shi, in na ga layi ya haɗa masu launi ɗaya sai in ce ba zai rabu ba. Wannan ɓangaren lafiya lau.

Matsalar ita ce ana so in fito da zagaye mai tsawon mara a matsayin hujja. Ga layukan:

```
0-1, 1-2, 1-3, 2-4, 3-5, 4-5
```

4 da 5 duk suna mataki na 3, launinsu ɗaya, to a nan aka yi karo. Sai na bi `parent` daga kowannensu har zuwa 0 na haɗa hanyoyin, ya bani 4,2,1,0,1,3,5 ya koma 4, tsawo 7. Mara ne kam, amma 1 ya fito sau biyu, alhali da ido ina ganin ainihin zagayen 1,2,4,5,3 ne mai tsawo 5.

Shin in riƙa hawa da su biyun tare mataki mataki ne in tsaya inda suka fara haɗuwa? Kuma dole ne kullum masu karon su kasance mataki ɗaya a BFS, ko dai misalina ne ya faɗo haka? Don in ba dole ba ne hawan tare zai watse.